Yadda ake karanta hoton zanen sakit a gane kayan ciki, haɗinsu da aikin da yake yi

Sau da yawa zanen sakit ba ya zuwa hannun mai koyo a littafi mai tsabta. Hoto ne wani ya ɗauka a allon aji a Samaru ko a Kwalejin Nuhu Bamalli, ko takardar da aka liƙa a cikin murfin wata na'ura da aka kawo gyara Sabon Gari, aka turo ta waya ana tambayar mene ne wannan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara ƙirga kaya ɗaya-ɗaya daga kusurwar takarda, ya gama kiran sunayensu duka amma bai san abin da sakit ɗin yake yi ba. Hanyar da ke kai wa ga amsa ita ce ka bi wuta: ka ga inda ta shigo, inda aka gyara ta, abin da ke ba ta umarni, da inda ta fita. Za mu bi wannan hanya da zane guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Waya ko kwamfuta da za ka iya zuƙo hoton. Farar takarda biyu, fensir da magogi. Biro kala uku, ja da baƙi da shuɗi. Kalkuleta, ta waya ma ta wadatar. Idan na'urar da aka zana tana hannunka, ka haɗa da mita mai auna bolt da om, wadda ke ƙara idan waya biyu a haɗe suke. In babu biro masu kala, yi amfani da layi mai kauri, layi siriri da layi mai tsinke-tsinke. In kana da halin buga hoton a shagon kwafi, buga shi a babbar takarda, domin zana layi a kan takarda ya fi bin allon waya da yatsa sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na 1: Tabbatar hoton ya karantu

Kafin komai, zuƙo hoton ka duba abu biyu: ƙananan rubuce-rubucen da ke gefen kaya, da ɗigon da ke wurin da layuka suka gamu. Idan ba ka iya bambanta 1k da 7k, ko ba ka ganin ko akwai ɗigo a mararrabar layi biyu, kada ka ɓata lokacinka, nemi a sake ɗauka. Mai ɗauka ya shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, ya kashe filashi, ya riƙe waya daidai saman takardar ba a karkace ba. Babban zane a ɗauke shi sau ɗaya gaba ɗayansa, sannan a ɗauki kowane ɓangare daga kusa, kowane hoto ya ɗan shiga cikin na kusa da shi. WhatsApp yana matse hoto har ƙananan lambobi su dushe, saboda haka a turo shi ta Document.

Ka kuma lura da lanƙwasar takarda. Layin ninki yakan fito a hoto tamkar waya, ƙurar da ta zauna a kan takarda kuma takan yi kama da ɗigon haɗi. Wayar gaskiya tana farawa daga ƙafar wani abu ta ƙare a ƙafar wani. Layin da ya ratsa takarda daga gefe zuwa gefe, ya bi ta kan rubutu da kaya, ninki ne.

Mataki na 2: Nemo inda wuta ta shigo da inda ta fita

Masu zane sun saba sa mashiga a hagu, mafita a dama, layin fozitif a sama, layin negetif a ƙasa. Ba doka ba ce, amma galibi haka za ka tarar. Nemi alamar batir, ko rubutu irin su 230V AC, L da N, +12V, VCC, GND. Alamar GND layuka ne uku a kwance, kowanne ya fi na samansa gajarta, ko ƙaramin alwatika mai kallon ƙasa. Duk inda ka ga wannan alama a zane ɗaya, wuri ɗaya ne a haɗe, ko da ba a ja waya tsakaninsu ba. Haka ma duk wuraren da aka rubuta +12V.

A zanenmu, a hagu an rubuta L da N da 230V AC, wato wutar NEPA ke nan. A can dama akwai da'ira da aka gicciye cikinta, an rubuta LAMP. Tun yanzu ka san abu ɗaya: sakit ne da ke karɓar wutar gida, kuma ƙarshensa ƙwan fitila ne. Ɗauki jan biro ka bi layin +12V duk inda ya je, ka bi GND da baƙi, ka bi layin wutar NEPA da shuɗi. Da ka gama wannan za ka ga rabin cunkoson zanen ya warware, saboda yawancin layukan da suka cika takardar na ciyar da wuta ne kawai.

Mataki na 3: Kira sunan kowane abu

Kowane abu a zane yana da shaida uku: siffarsa, harafinsa da lambar da ke gefensa. Kada ka yarda da ɗaya kaɗai in sauran suna nan.

Resisto ana zana shi iri biyu, ko layi mai zigizagi kamar haƙoran zarto, ko ɗan akwati mai tsawo. Na farko salon Amurka ne, na biyu na Turai, aikinsu ɗaya, harafinsu R. Idan kibiya ta ratsa shi ko ta taɓa tsakiyarsa, wanda ake murɗawa ne, za ka ga VR ko RV. Idan kibau biyu suna nuno shi daga waje, haske ne ke sauya ƙimarsa, shi ne LDR. Fis a salon Turai shi ma ɗan akwati ne, sai dai layi ya ratsa cikinsa daga farko zuwa ƙarshe, harafinsa F.

Kafasita layi biyu ne gajeru suna fuskantar juna, tsawonsu ɗaya, harafinsa C. Idan an sa + a gefe ɗaya, ko layi ɗaya ya lanƙwashe, mai fuska ne, ba a juya shi. A nan masu koyo ke rikita shi da batir. Layukan batir ba tsawonsu ɗaya ba, ɗaya dogo ɗaya gajere, kuma dogon shi ne fozitif.

Diyod alwatika ne da ya tokari sanda, harafinsa D. Gefen sandar shi ne katod, wanda a jikin diyod ɗin gaske aka yi wa zobe, ɗaya gefen kuma anod. Wuta tana wucewa daga anod zuwa katod, ba ta dawowa. In kibau biyu suna fita daga jikinsa, LED ne. In bakin sandar ya karye a gefe biyu kamar harafin Z, zena ne, kuma shi da gangan ake juya shi baya domin ya tsayar da bolt a wani adadi.

Taransisto yana da ƙafa uku: bes, kalekta da emita, ana rubuta B, C, E. Bes ita ce ƙafar da ta shigo ita kaɗai ta bayan sanda. Ƙafar da ke ɗauke da kibiya ita ce emita. Kibiya mai fita waje NPN ke nan, mai shiga ciki PNP. Harafinsa Q, wasu na sa TR.

Naɗin waya biyu suna fuskantar juna da layuka a tsakaninsu taransifoma ce, T. Akwati mai ƙafafu da lamba a ciki ayisi ne, U ko IC. Rile kuma, wato makunnin da maganaɗisu ke ja, yana zuwa kashi biyu: koyil ɗinsa, da bakin makunninsa mai COM, NO da NC, inda COM ke haɗe da NC idan koyil ba shi da wuta, ya koma NO idan wuta ta shiga koyil. Harafinsa K ko RL.

Sai lambobi. Saboda ɗigo yakan ɓace a kwafi, ana sa harafi a madadinsa: 4k7 na nufin om 4,700, 2R2 na nufin om 2.2, 1M kuma om miliyan ɗaya. A ƙaramin kafasita, 104 na nufin 10 da sifiri huɗu a bayansa, wato 100,000pF, daidai da 100nF ko 0.1µF. Alamar µ a rubutun hannu takan zama u, ba komai, abu ɗaya ne.

Ga abin da muka samu a zanenmu: F1 500mA, T1 230V/12V, D1 zuwa D4 dukansu 1N4007, C1 1000µF 25V, U1 7812, C2 104, R1 1k, D5 LED, R2 10k, VR1 100k, LDR1, R3 1k, Q1 BC547, D6 1N4007, K1 12V, sai LAMP. Rubuta su a takarda a jere, ka yi wa kowanne alama a hoton yayin da ka rubuta shi. Duba jerin lambobin: in ka ga R1 da R3 babu R2, akwai abin da ya ɓuya maka, ko hoton ya yanke shi.

Mataki na 4: Bi haɗin, mahaɗa bayan mahaɗa

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda gaggawa ke lalatawa. Mahaɗa ita ce duk tarin wayoyin da ke haɗe ba tare da wani abu ya shiga tsakaninsu ba. Tsawon layi a zane ba ya nufin komai. Layin da ya zagaya rabin takarda da layin da bai kai tsawon farce ba duk ɗaya ne, muddin babu resisto ko wani abu a kan hanya.

Ƙa'idar mararraba ita ce: layi biyu da suka gicciye da ɗigo a tsakiya a haɗe suke, waɗanda suka gicciye babu ɗigo wucewa kawai suka yi. Layin da ya zo ya ƙare a jikin wani, kamar harafin T, a haɗe yake ko da an manta ɗigon. Tsofaffin zane da zanen hannu sukan yi ɗan tsalle mai kama da baka a wurin da waya ta haye wata. In ka ga mai zanen yana yin wannan tsallen a wasu wurare, to giciyen da bai yi wa tsalle ba wataƙila haɗi yake nufi. Idan hoton ya dushe daidai kan mararraba, gwada ma'ana biyun ka ga wadda hankali zai ɗauka. Ma'anar da za ta haɗa +12V kai tsaye da GND ba ita ba ce, babu mai zana gajeren haɗi da gangan.

Ba wa kowace mahaɗa suna, ka rubuta ƙafafun da suka taru a kanta. Na ɓangaren ƙaramar wuta a zanenmu ga su, K a bayan sunan diyod na nufin katod, A kuma anod:

```
P    : D1-K, D2-K, C1+, U1-IN
+12V : U1-OUT, C2, R1, R2, K1-coil, D6-K
A    : VR1, LDR1, R3
B    : R3, Q1-B
C    : Q1-C, K1-coil, D6-A
GND  : D3-A, D4-A, C1-, U1-GND, C2, D5-K, LDR1, Q1-E
```

Akwai ƙananan mahaɗai huɗu da ba mu sa ba, inda R1 ya gamu da anod ɗin D5, da inda R2 ya gamu da VR1, da biyun da ƙafafun T1 suka gamu da sauran ƙafafun D1 zuwa D4. Hanyar tantance aikinka mai sauƙi ce: abu mai ƙafa biyu dole sunansa ya fito sau biyu a jerin, mai ƙafa uku sau uku. Wanda ya fito sau ɗaya, ka bar ƙafarsa ɗaya a rataye.

Yanzu koma kan rile. Koyil ɗin K1 yana tsakiyar zanen, amma bakin makunninsa yana can dama kusa da ƙwan fitila, babu wayar da ta haɗa su. Mai koyo yakan ɗauka abu biyu ne dabam. Sunan ne ke haɗa su, duka K1 aka rubuta, wani lokaci da layi mai tsinke-tsinke a tsakani. Wannan layin ba waya ba ce, yana nuna cewa maganaɗisun koyil ne ke jan bakin. A zanenmu layin L ya tafi COM, NO ya tafi ƙwan fitila, ɗaya gefen ƙwan ya koma N. Bakin rile kullum ana zana shi ne a yanayin da koyil ba shi da wuta, saboda haka ganin sa a buɗe a zane ba ya nufin fitilar ba ta kamawa.

Mataki na 5: Raba zanen gida-gida

Kaya ba sa aiki su kaɗai, rukuni-rukuni suke, kuma rukunan nan suna maimaita kansu a zane dubu. Kewaye kowane rukuni da fensir.

Gida na farko shi ne F1, T1, D1 zuwa D4, C1, U1 da C2. Taransifoma ta sauke 230 zuwa bolt 12. Diyod huɗu da aka jera kamar lu'ulu'u su ne birij, suna mayar da wuta mai kai-komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Ko ba a rubuta + da − ba za ka gane su: kusurwar da katod biyu suka gamu ita ce fozitif, wadda anod biyu suka gamu negetif, sauran biyun kuma taransifoma suke zuwa. C1 yana cike gibin da ke tsakanin tudun wutar. Bolt ɗin da zai tsaya a kansa ba 12 ba ne, tudun wutar ne, wato 12 sau 1.414, a cire 1.4 da diyod biyu ke ci:

```
12 × 1.414 − 1.4 ≈ 15.6V
```

Wannan lissafin ya bayyana abu biyu a zanen. Ya nuna dalilin da aka rubuta 25V a kan C1, domin mai 16V zai zauna a bakin iyakarsa, kuma taransifoma marar nauyi a kanta takan ba da fiye da abin da aka rubuta mata. Ya kuma nuna 7812, ayisin da ke tsayar da bolt a 12, zai samu abin da yake so, tunda yana buƙatar mashigarsa ta fi mafitarsa da kusan bolt 2. Lambobi biyun ƙarshe na wannan dangi su ne bolt ɗin da suke fitarwa: 7805 biyar, 7809 tara, 7812 sha biyu. Wanda ya fara da 79 na wutar negetif ne, kuma jerin ƙafafunsa dabam ne.

Gida na biyu R1 da D5 ne kawai, fitilar shaida mai nuna akwai wuta. Jan LED yana cin kusan bolt 2, saura 10 a kan 1k, wato 10mA. Wuce shi, ba ya shiga aikin sakit ɗin.

Gida na uku shi ne zuciyar zanen: R2 da VR1 daga sama, LDR1 daga ƙasa, mahaɗar A a tsakaninsu. Duk inda ka ga resisto biyu a jere tsakanin layin sama da GND, an kuma ciri waya daga tsakiyarsu, raba bolt ake yi. In ɗaya daga cikinsu mai jin haske ne ko zafi, to nan ne sakit yake samun labarin abin da ke faruwa a waje.

Gida na huɗu R3, Q1, K1 da D6. Taransisto da emitarsa ke GND, nauyi kuma yana kan kalekta, makunni ne. D6 da ke kwance a gefen koyil, katod ɗinsa a +12V, kamar an juya shi ba daidai ba, amma daidai yake. Lokacin da Q1 ya yanke wuta, koyil yana tunkuɗo bolt mai ƙarfi ta baya, D6 ne ke ba wa wannan wutar hanya ta zagaya ta mutu maimakon ta fasa taransisto. In ka ga an zana shi anod a sama, ko kuskuren mai zane ne ko hoton ne ya ruɗe ka, domin a haka da zarar Q1 ya kama, wuta za ta bi ta diyod ɗin ta tsallake koyil, taransisto ya ƙone.

Mataki na 6: Kunna sakit ɗin a kan takarda

Kada ka ce «mai LDR ne, saboda haka fitilar dare ce» ka tsaya. Kayan nan guda za su iya yin kishiyar wannan aikin. Sai ka gwada yanayi biyu da lissafi.

Ɗauka an murɗa VR1 har shi da R2 sun haɗu sun ba da 47k. LDR ƙimarsa tana sauka a haske tana hawa a duhu. Da rana ɗauki 1k, da dare ɗauki 100k, ko da yake a duhu sosai yakan zarce haka nesa.

```
rana : 12 × 1 / (47 + 1)     = 0.25V
dare : 12 × 100 / (47 + 100) ≈ 8.2V
```

Taransisto irin BC547 ba ya fara kamawa sai bes ya kai kusan bolt 0.6 zuwa 0.7 sama da emita. Da rana 0.25 bai kai ba, Q1 a kashe, koyil ba wuta, NO a buɗe, fitila a mace. Da dare lissafi ya wuce 0.7 da nisa, Q1 ya kama, rile ya ja, COM ya haɗu da NO, fitila ta kama. Amsa ta fito: makunnin fitila ne mai kunna kansa da magariba ya kashe kansa da gari ya waye, irin wanda ake sa wa fitilar ƙofar gida ko ta gaban shago. VR1 shi ne ke zaɓar irin duhun da za a kai kafin ta kama. R2 kuma an sa shi ne don ko an murɗe VR1 har ƙarshe, kada +12V ta faɗa kai tsaye kan LDR.

Abu ɗaya da ke rikita mai auna na'urar gaske: da dare ba za ka ga 8.2 a mahaɗar A ba. Da zarar bes ya fara jan wuta, yana riƙe mahaɗar a ƙasa, mita za ta nuna maka abin da bai kai bolt 1 ba ko kusa da haka. Ba lalacewa ba ce. Wutar da ke shiga bes kusan 0.23mA ce. Koyil ɗin ƙaramin rile mai bolt 12 yana da kusan om 400, yana jan 30mA. BC547 mai ninka wuta sau 200 zai iya kai 46mA, ya wadatar. Amma in aka murɗa VR1 har ƙarshe, shi da R2 suka zama 110k, wutar bes ta koma kusan 0.1mA, ninki 200 ya ba da 20mA, rile na iya ƙin ja ko da dare ya raba. Daga zane kaɗai ka riga ka san ƙarshen murɗin VR1 ba shi da amfani sosai.

Yanzu ga yadda ƙaramin canji ke juya amsa. In LDR ne a sama, resisto a ƙasa, mahaɗar A za ta hau ne da rana, rile ya ja a haske. In ƙwan fitila yana kan NC maimakon NO, aikin ya sake juyewa. In aka yi canjin biyu tare, an dawo fitilar dare, sai dai rile zai wuni a jaye. Shi ya sa matsayin abu a zane ya fi sunansa muhimmanci wajen faɗin aikin sakit.

Mataki na 7: Faɗi inda zai ba da matsala

Wanda ya karanta zane da kyau yana iya hango cutarsa. Wannan sakit ɗin taransisto ɗaya gare shi, babu abin da ke sa shi yanke hukunci kaifi ɗaya, saboda haka a daidai lokacin da haske ke raguwa a hankali rile na iya yin kakat-kakat kafin ya zauna. In kuma hasken ƙwan yana dukan LDR, fitilar za ta kama, LDR ya ga haske ya kashe ta, duhu ya dawo ta sake kamawa, haka za ta yi ta ƙyaftawa. Maganinsa a sa LDR a ɗan bututu yana kallon sama, nesa da ƙwan. A lokacin hunturu ƙurar Zariya takan rufe fuskar LDR, fitila ta riƙa kamawa tun la'asar, gogewa kawai yake so.

Sai ƙarancin wuta. In NEPA ta sauko 180, taransifoma za ta ba da kusan bolt 9.4, C1 ya tsaya wajen 11.9, 7812 kuma ya kasa riƙe 12, ya fitar da kusan 10. Irin wannan rile yakan ja ne daga wajen bolt 9, to ka ga an matso bakin iyaka. Mai na'ura zai ce wani dare tana kamawa wani dare ba ta kamawa, alhali babu abin da ya ƙone.

Gargaɗi mafi girma: wani lokaci za ka ga zane irin wannan amma babu T1. A wurinta akwai kafasita marar fuska mai lamba kamar 105 da 400V, a jere da layin L, da resisto 1M kwance a gefensa, sannan birij. Irin wannan ne a cikin yawancin fitilun caji masu araha. Babu abin da ya raba wutar NEPA da sauran sakit ɗin, saboda haka har wurin da aka rubuta GND ko 12V zai iya jan mutum ya kashe shi. Kada ka taɓa ko'ina a cikinsa yana jone. Ko a zanenmu mai taransifoma, duk abin da ka bi da shuɗin biro wutar gida ce, har da ƙafafun COM da NO da ke dab da ƙafafun koyil a ƙasan fanel, wato allon da aka dasa kayan a kai.

Mataki na 8: Gwada abin da ka karanta da na'urar, in tana nan

Zane ba ya nuna inda kaya suke zaune a fanel, haɗinsu kawai yake nunawa. Ba kuma ya nuna jerin ƙafafu. BC547 in ka fuskanci gefensa mai faɗi, ƙafafu a ƙasa, daga hagu C, B, E ne. 2N3904 E, B, C ne, C945 kuma E, C, B. Dukansu NPN ne, alamarsu a zane ɗaya, amma wanda ya sayi madadi a kasuwar Sabon Gari ya soka shi yadda na farko yake zai ga sakit ya ƙi aiki. 7812 in ka fuskanci rubutunsa, daga hagu IN, GND, OUT.

Cire filogi, ka sauke cajin C1 ta hanyar ɗora resisto 1k a ƙafafunsa na daƙiƙa goma, sannan ka bi jerin mahaɗanka da mita mai ƙara. Duk ƙafafun da ka rubuta a layi ɗaya dole su yi ƙara da juna. Inda suka ƙi, ko ka karanta mararraba ba daidai ba, ko layin fanel ya tsinke. Bayan haka jona wuta, baƙar wayar mita a GND, hannu nesa da ɓangaren shuɗi. A P ka nemi 15 zuwa 17, a mafitar U1 ka nemi 12. A mahaɗar C, da haske za ka ga 12, saboda Q1 a kashe yake. Rufe LDR da murfin biro baƙi: C ya faɗo ƙasa da bolt 1, ka ji rile ya yi ƙas. In C ya faɗo amma fitila ba ta kama ba, matsalar tana bakin rile ko ƙwan. In C bai motsa ba, koma ka auna B. Ya kai 0.7 amma C na nan a 12, Q1 ne ya mutu ko an juya ƙafafunsa. Bai kai ba, duba VR1, R3 da LDR ɗin kansa.